Tambayoyi da Amsoshi: Wasiƙar da ɗalibi ke rubuta wa ofishin makaranta kan yadda ya yanka hoton fasfo

Ina da shagon ɗaukar hoto da buga takardu a bakin ƙofar wata kwaleji, kuma duk lokacin rajista sai ɗalibai sun cika mini shago da damuwa iri ɗaya. An dawo wa mutum da fayil ɗinsa, an ce hoton da ya ɗora bai dace ba, ko kuma an ce ya zo da bayani a rubuce kan abin da ya yi wa hoton. Wani yakan shigo idonsa ja, yana ganin kamar an tuhume shi da zamba ne. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yi mini, da amsoshin da nake ba su.

Me ya sa ofis zai nemi wasiƙa a kan ɗan hoto kawai?

Domin ma'aikacin da ke duba fayil ba kyan hoton yake dubawa ba, fuskar yake dubawa. A gabansa akwai hoton da ke kan takardar JAMB, akwai na takardar sakamakon WAEC ko NECO, ga kuma wanda ka ɗora yanzu. Aikinsa shi ne ya tabbatar mutum ɗaya ne a cikin ukun. Idan ya ga fuskarka ta yi faɗi fiye da yadda take a sauran, ko gefen kunne ya yi wani irin tsaftataccen yanka kamar an bi da almakashi, ko bango ya yi fari fat babu ko ɗigon inuwa, dole ya dakata. Ba shi da hanyar sanin ko yanka kawai ka yi ko har fuskar ka taɓa. Wasiƙar ce za ta gaya masa, kuma ita zai saka a fayil domin idan wani na sama da shi ya tambaya gobe, ya sami abin nunawa.

Saboda haka abu ɗaya wasiƙar ke ɗauke da shi: cewa an rage gefunan hoton an kuma rage girmansa, fuskar kuwa tana nan yadda kyamara ta ɗauke ta. Duk sauran abin da za ka rubuta hujja ce a kan wannan.

Wane girma ne ake kira na fasfo? Kowa da abin da yake faɗa mini.

Biyu ne suka fi yawo. Akwai mai faɗin milimita 35 da tsayin milimita 45, wanda shi ne ake amfani da shi a Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai, kuma shi masu hoto a nan suka fi bugawa idan ka ce a yi maka fasfo. Akwai kuma mai inci 2 a kowane gefe, wato kusan milimita 51, wanda Amurka ke nema. Na farkon dogo ne kaɗan, na biyun kuwa faɗinsa da tsayinsa ɗaya.

Amma abin da zai yi maka hukunci shi ne sanarwar makarantarku. Idan an rubuta adadi a shafin rajista, shi za ka bi ko da ya saɓa wa waɗannan biyun. Haka launin bango: wasu makarantu fari suke so, wasu ja. Kafin ka taɓa hoton, ka ɗauki hoton allon da aka rubuta ƙa'idar a kai ka ajiye, domin a wasiƙar za ka kawo ƙa'idar kamar yadda aka rubuta ta.

Sun rubuta milimita, waya kuma fiksel take nuna mini. Yaya zan haɗa su?

Milimita awon takarda ne, fiksel kuma ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoto a allo. Abin da ke haɗa su shi ne yawan ɗigo a kowane inci, kuma don bugu mai kyau ɗigo 300 ake sawa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ga lissafin:

```
35 ÷ 25.4 × 300 = 413
45 ÷ 25.4 × 300 = 531
```

Wato hoto mai milimita 35 da 45 zai zama fiksel 413 a faɗi, 531 a tsayi. Na inci biyu kuwa 600 ne a kowane gefe. Waɗannan lambobin ka riƙe su, su za su shiga wasiƙarka.

Mene ne bambancin yanka hoto da matse shi? Ai duk rage shi ake yi.

A nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami, don haka bari in tsaya a kansa.

Yanka shi ne ka zana akwati a kan hoton, ka zubar da abin da ke waje. Kamar ka sa reza ka cire gefen takarda ne: abin da ya rage a ciki bai canza ba ko kaɗan. A waya da kwamfuta shi ne maɓallin `Crop`. Rage girma kuwa, wato `Resize`, shi ne ka mayar da hoton gaba ɗaya ƙarami, faɗi da tsayi su sauka tare a kan ma'auni ɗaya. Shi ma ba ya ɓata kamanni. Matsewa ita ce ka tilasta wa hoto shiga awon da ba siffarsa ba, ba tare da ka fara yankawa ba. Nan ne fuska ke lalacewa.

Wata ɗaliba ta taɓa zuwa mini da takardar da aka buga mata a wani shago. Hotonta na asali a kwance aka ɗauke shi, fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi. Yaron shagon bai yanka komai ba, sai kawai ya rubuta 413 da 531 a akwatin awo ya danna. Faɗin fuskarta ya ragu da fiye da kashi arba'in cikin ɗari, ta fito siririya kamar an ja ta da igiya, idanuwan sun kusa haɗuwa. Ta ajiye takardar a kan tebur ta sa yatsa a kan hoton ta ce, "Malam, wallahi ko Innata ba za ta gane ni a nan ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ma'aikacin da ya ƙi karɓa bai zalunce ta ba.

Yadda za ka gane an matse hoto: dubi abin da ka san zagayayye ne, kamar ƙwayar ido ko maɓallin riga. Idan ya koma kamar ƙwai, a tsaye ko a kwance, an matse. Maganinsa kuma shi ne bin tsari: a fara yankawa a kan siffar da ake so, sannan a rage girma. Siffar 35 da 45 ita ce 7 da 9, don haka idan manhajar wayarka tana barin ka rubuta siffa da kanka, `7:9` za ka sa. Na inci biyu kuwa `1:1`.

To nuna mini yadda ake yin yankan daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki hoton da aka ɗauka da waya a tsaye, fiksel 3000 a faɗi da 4000 a tsayi, mutum yana tsaye nesa da kyamara kamar taku biyu, ana ganinsa har ƙirji.

Abu na farko, a kwafi hoton a ajiye na asalin gefe, kada a taɓa shi. A kan kwafin za a yi aiki.

Sai a auna kai, daga ƙasan haɓa zuwa tsakar ka. A ce ya kama fiksel 1200. Ƙa'idar da aka fi bi a hoto mai milimita 45 ita ce kai ya ci kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsayin, wato tsakanin milimita 32 da 36. Ni tsakiya nake nufa, kashi 75, don a sami sarari ta kowane ɓangare. Idan 1200 shi ne kashi 75, to tsayin akwatin yanka zai zama 1600. Faɗinsa kuma 1600 sau 7 a raba 9, wanda ya ba da 1244.

Yanzu a ɗora akwatin a kan hoton. Hanci ya zauna a tsakiyar faɗin daidai. A bar kamar fiksel 160 tsakanin saman kai da bakin hoton, sauran 240 su sauka ƙasan haɓa, inda wuya da saman kafaɗu za su fito. A yanka. Sannan a rage wannan 1244 da 1600 ɗin zuwa 413 da 531. Idan aka buga shi a takarda aka ɗora rula, kai zai kama kusan milimita 34, sama da shi akwai sararin milimita 4 da rabi. Ya shiga ƙa'ida.

Ba lallai ne ka auna fiksel ɗaya bayan ɗaya a waya ba. Idan ka sa siffar `7:9` ka ja akwatin har kai ya cika kashi uku cikin huɗu na tsayinsa, ka isa wurin. Amma ka buɗe bayanin hoton kafin yanka da bayan yanka ka rubuta lambobin a takarda, saboda wasiƙar.

Ni hijabi nake sawa. Daga ina zan auna kai?

Daga haɓa zuwa inda tsakar kanki yake a ƙarƙashin hijabin, wanda in ba ki yi tulin ɗauri ba kusan saman hijabin ne. Abin da ofis ke so shi ne a ga fuska daga ƙasan haɓa har goshi, da gefen kumatu biyu, babu inuwa. Abu ɗaya da nake yawan gani: farin hijabi a gaban farin bango. Bayan yanka sai fuskar ta zama kamar tana yawo ita kaɗai, ba a ganin inda kai ya ƙare. Idan bangon fari ne, ki sa hijabi mai duhu. Haka masu hula: idan doguwa ce, kada a auna da ita, kuma in sanarwar ba ta yarda da hula ba a cire ta tun wurin ɗauka.

Me zan rubuta a wasiƙar?

Gajeriya ce, ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ka faɗi ko kai wane ne, ka kawo ƙa'idar, ka faɗi abin da ka yi da lambobinsa, ka faɗi abin da ba ka yi ba, ka nuna na asalin yana nan. Ga yadda muka rubuta ta da wani ɗalibi mai irin hoton da na yi misali da shi. Inda na bar ɗigogi, naka za ka cike.

Zuwa ga Magatakarda,
Ta hannun Shugaban Sashen ……

Ranka ya daɗe,

BAYANI KAN YADDA NA YANKA HOTON FASFO NA RAJISTA

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne ……, ɗalibin shekarar farko a Sashen ……, mai lambar rajista ……. Na rubuto ne domin amsa tambayar da ofishinka ya yi mini ranar …… game da hoton da na ɗora a shafin rajista.

Sanarwar makaranta ta ce hoto ya kasance mai faɗin milimita 35 da tsayin milimita 45, da farin bango, kuma nauyinsa kada ya wuce 50 KB. An ɗauki hotona da waya ranar ……, a gaban farin bango, girmansa fiksel 3000 da 4000. Da yake ya yi girma kuma an ɗauko ni har ƙirji, sai na yanke gefunansa huɗu ya koma fiksel 1244 da 1600, yadda kaina ya cika kashi uku cikin huɗu na tsayin. Daga nan na rage shi zuwa fiksel 413 da 531, faɗi da tsayi tare, na ajiye shi a matsayin JPEG.

Ban taɓa fuskar ba. Ban ƙara haske ba, ban goge komai ba, ban kuma canza bango ba. Na haɗo hoton asali da wanda na yanka a takarda ɗaya domin a gwada su, kuma na asalin yana nan a wayata idan ana so a gani. Idan ofis ya ga ya fi kyau a sake ɗauka, a shirye nake in zo duk ranar da aka sa mini.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu, cikakken suna, lambar rajista da kwanan wata)

Idan Magatakardar mace ce, sai ka ce "Ranki ya daɗe" da "ofishinki". Wancan 50 KB ɗin kuma na sanarwar makarantarsu ne, kai ka sa abin da taku ta ce. Yawancin ofisoshin manyan makarantu a Najeriya da Turanci suke karɓar wasiƙa, to sai ka juya ta, amma ka bar jerin maganar da lambobin yadda suke.

Shin ba zai fi kyau in ba da haƙuri sosai ba, in faɗi halin da nake ciki?

Na fahimci abin da ke sa mutum yin haka, domin tsoron rasa gurbin karatu ba ƙaramin abu ba ne. Amma na sha ganin wasiƙa mai shafi biyu, an cika ta da roƙo da labarin wahalar kuɗin mota, a ƙarshe ba a faɗi girman hoton ba. Ma'aikacin zai tausaya maka, sai dai ba shi da abin da zai sa wa hannu. Yanka hoto don ya dace da ƙa'ida ba laifi ba ne, umarni ka bi. Gaisuwa da godiya sun wadatar ta fuskar ladabi. Idan kuwa da gaske kuskure ka yi, misali ka matse hoton a karo na farko, jimla ɗaya ta isa: "Hoton da na fara ɗorawa na rage shi ba tare da na yanka ba, shi ya sa fuskar ta matse, wannan shi ne gyararren."

Na canza bango da manhaja, daga shuɗi zuwa fari. In faɗa ko in yi shiru?

Ka faɗa, ko kuma, wanda ya fi, ka sake ɗaukar hoton a gaban farin bango na gaske. Canza bango ba yanka ba ne, taɓa cikin hoto ne, kuma yana barin alama. Manhajar takan cinye bakin kunne, ta bar ɗan zare mai launin tsohon bangon a kewayen gashi ko kafaɗa. Wanda ya saba duba hotuna yana ƙara girman hoton zai gani. Idan ka rubuta "ban canza komai ba" ka sa hannu, sannan aka ga shuɗin zare a gefen wuyanka, maganar ta tashi daga kan hoto ta koma kan amanarka, kuma wannan ta fi wuyar gyara.

Haka zancen wayoyin da ke gyara fuska da kansu. Da yawa suna zuwa da wannan a kunne, musamman kyamarar gaba: su goge tabo, su haska fata, har su rage kumatu. Mai tsagar gado a fuska ya lura sosai, domin na ga hoton da waya ta shafe rabin tsagar mutum, alhali tana nan raɗau a hotonsa na JAMB. A kashe wannan gyaran kafin ɗauka, a kuma yi amfani da kyamarar baya, wani ya ɗauke ka.

Zan iya yanko fuskata daga hoton biki ko na taron 'yan aji?

Ba na ba da shawarar haka. A hoton mutum goma, kanka zai yi wuya ya wuce fiksel 200 a tsayi, alhali hoton fasfo na buƙatar kusan 400. Dole a ja shi ya ninka, fuskar ta yi dishi-dishi, domin ƙara girma ba ya ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Ga bango, ga kafaɗar na kusa da kai, ga kai a karkace. Babu wasiƙar da za ta gyara wannan.

Na yanka daidai amma shafin ya ce fayil ya yi nauyi.

Nauyi daban, awo daban. Hoto mai fiksel 413 da 531 idan aka ajiye shi a PNG yakan yi nauyi fiye da kima. A mayar da shi JPEG, a sauke `Quality` zuwa wajen 80, a duba. Idan bai isa ba a ƙara saukewa kaɗan-kaɗan. Kada a yi ta sake ajiye fayil ɗaya a kan kansa, domin JPEG na rasa wani abu a kowace ajiya. A koma kan yankakken a sake fitarwa. Alamar an wuce gona da iri ita ce ƙananan murabba'ai su bayyana a kumatu da kewayen ido. In ka yi wannan matakin, ka ƙara shi a wasiƙar da jimla ɗaya, tare da nauyin ƙarshe.

Ba ni na yanka ba, a shago aka yi mini. Me zan rubuta?

Ka rubuta gaskiyar haka: an yi maka ne a shago, a gabanka ko ba a gabanka ba. Ka koma ka roƙi mai shagon ya ba ka hoton asali da lambobin. Mu masu shago ya kamata mu riƙa ba da na asalin ba sai an tambaya ba, ni dai na mayar da shi al'ada tun daga ranar da waccan ɗalibar ta zo. Idan zai turo maka ta WhatsApp, ya turo ta `Document`, domin turawar hoto ta yau da kullum tana rage girmansa tana kuma zubar da bayanan da ke ɗauke da ranar ɗauka. Idan na asalin ya ɓace gaba ɗaya, kada ka ƙirƙiri lambobi don cike wasiƙa. Ka sake sabon hoto, ka bayyana cewa na farkon ba ka da asalinsa.

Me zan haɗa da wasiƙar, kuma wa zan miƙa wa?

Takarda ɗaya mai ɗauke da hotunan biyu gefe da gefe, na asali a hagu, yankakke a dama, a ƙarƙashin kowanne an rubuta girmansa. Sai kwafin sanarwar ƙa'idar, da bugaggun hotuna idan an nema. Takardar hoto mai inci 4 da 6 tana ɗaukar takwas na milimita 35 da 45, ko shida na inci biyu. Ka sa rula ka auna ɗaya kafin ka bar shagon, saboda idan aka bar `Fit to page` a kunne wurin bugawa, injin zai ja hoton ya cika takarda, awon ya ɓaci duk da fayil ɗin daidai yake. Ka rubuta sunanka da lambarka a bayan kowane hoto, ka bari tawadar ta bushe kafin ka jera su, kada ta ɓata fuskar na ƙasa. In za ka maƙala hoto da abin maƙala takarda, a can gefe, ba a kan goshi ba.

Miƙawa kuwa, ofishin da ya dawo maka da fayil shi za ka kai wa, ta hannun wanda tsarin makarantarku ya ce. Ka je da kwafi biyu na wasiƙar. Ɗaya za a karɓa, ɗayan ka roƙi sakataren ya buga maka hatimin karɓa da kwanan wata, ka ajiye shi tare da rasit ɗin kuɗin makaranta har a ba ka katin shaidar ɗalibi.